Yadda manajan da buƙatu suka yi wa yawa zai raba makonsa gida huɗu

Akwai manajan da yake shiga ofis da safe da niyyar yin abu uku, ya tashi da yamma ya yi abu ashirin, amma babu ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ba lalaci ne ya jawo ba. Duk wanda ya leƙo ƙofarsa ko ya turo masa saƙo da kalma ɗaya yake zuwa: "yanzu". Na ƙasa da shi suna jiran sa hannunsa, na sama suna jiran rahoto, takwarorinsa na wasu sassa suna neman "ɗan taimako na minti biyar". Wannan jagorar domin irin wannan mutumin ce, kuma kayan aikin da za mu yi amfani da shi takarda ce guda da aka raba gida huɗu.

Ana danganta tsarin da Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961. A wani jawabi da ya yi a 1954 ya ambato maganar wani tsohon shugaban kwaleji, cewa matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, kuma na gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuma ba sa zuwa da gaggawa. Zanen gida huɗun kuwa Stephen Covey ne ya yaɗa shi a littafinsa na 1989. Zanen ba shi da wuya: ka ja layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Gida na ɗaya na abin da ke da muhimmanci kuma yake da gaggawa ne. Na biyu, mai muhimmanci marar gaggawa. Na uku, mai gaggawa marar muhimmanci. Na huɗu, wanda ba shi da ko ɗaya. Kowa zai iya zana wannan cikin daƙiƙa goma. Inda ake faɗuwa shi ne wajen yanke hukuncin gidan da kowace buƙata za ta shiga, da kuma abin da za a faɗa wa mai buƙatar bayan an yanke.

Mataki na farko: ka san awa nawa gare ka da gaske

Kafin ka taɓa jerin buƙatu, buɗe kalandarka ka yi lissafi. Za mu bi misalin wata manaja mai kula da sashen aika kaya ga kwastomomi, tana da ma'aikata bakwai a ƙarƙashinta. Makonta awa 40 ne. Tarukan da ba ta da ikon gujewa sun cinye awa 11. Ta yi mako guda tana rubuta duk lokacin da aka katse mata aiki da waya, ko tambaya a bakin ƙofa, ko saƙon da dole ta amsa, sai ta ga suna cin kusan awa 9. Saura awa 20. Waɗannan ashirin ɗin su ne dukiyarta, ba arba'in ba.

Yawancin mutane suna tsallake wannan matakin, shi ya sa suke cika alƙawura kamar suna da mako cikakke a hannu. Idan ba ka taɓa auna katsewar da ake yi maka ba, ka yi kwana uku kana sa ɗan layi a takarda duk lokacin da abin ya faru, tare da kimanin mintocin da ya ci. Adadin zai ba ka mamaki.

Mataki na biyu: tara komai wuri ɗaya

Buƙatun manaja ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Wasu suna cikin imel, wasu a saƙon waya, wasu an faɗa maka ne a tsaye bayan taro ka ce "to, zan duba". Duk ka kwashe su ka zuba a takarda guda, kowace da abu uku a gefenta: wa ya nema, yaushe ne wa'adinta na ainihi, awa nawa za ta ci. Kada ka rubuta "batun kwangila", domin wannan ba aiki ba ne, suna ne kawai. Rubuta aikin da hannu zai iya kamawa: "karanta sharuɗɗan kwangilar sufuri, fitar da abin da za mu nemi a sauya".

Da manajarmu ta yi haka ranar Litinin da safe, ta sami buƙatu 13. Da ta haɗa awanninsu, suka kai 31. Awa 31 ba za su shiga cikin awa 20 ba ko da wace dabara. Saboda haka tambayar ta tashi daga "ta yaya zan gama duka?" ta koma "waɗanne awa 11 ne ba zan yi da hannuna a makon nan ba?"

Mataki na uku: tambayoyi biyu, kuma muhimmanci ake fara tambaya

A nan ne aikin yake, don haka bari mu tsaya.

Muhimmanci ba ya tabbata sai an auna shi da wani abu. Ka rubuta a saman takardarka abubuwa uku, ko huɗu idan ya yi yawa, waɗanda da su za a auna ka a wata ukun nan. Na manajarmu su ne: kaya su isa hannun kwastoma a kan lokaci, kuɗin sufuri kada ya wuce kasafi, ma'aikatanta su iya riƙe sashen ko ba ta nan. Duk buƙatar da ta taɓa ɗaya daga cikin waɗannan kai tsaye, ko wadda barinta zai jawo asara, karya doka, ko cutar da wani, tana da muhimmanci. Sauran kuwa, ko da suna da amfani, ba nata ba ne. Idan ka kasa rubuta abubuwa ukun nan, matsalarka ba ta lokaci ba ce tukuna. Kana bukatar zama da shugabanka ku daidaita abin da aka ɗauke ka ka yi.

Ita kuwa gaggawa, tambayarta ɗaya ce: me zai lalace idan ban taɓa wannan ba nan da awa 48? Ka amsa da abin da za a iya nunawa. "Motar za ta tashi babu kayan" amsa ce. "Wane zai ji haushi" ba amsa ba ce, sai dai idan haushin nasa yana da sakamakon da za ka iya faɗa. Iyakar awa 48 ba doka ba ce. Wanda aikinsa ke tafiya da sauri zai iya mayar da ita awa 24, mai dogon aiki ya mayar da ita mako. Abin da ake so shi ne iyakar ta zama ɗaya ga kowa, kada ta riƙa motsi gwargwadon ƙarfin muryar mai nema.

Dalilin fara tambayar muhimmanci shi ne, gaggawa tana da ruɗi. A wani bincike da Meng Zhu da Yang Yang da Christopher Hsee suka wallafa a 2018, an ga mutane suna zaɓar aiki mai ƙaramin lada su bar mai babban lada, kawai don an nuna musu cewa lokacin ƙaramin ya kusa ƙarewa. Wa'adi yana jan ido, ya sa a manta da tambayar ko aikin ya cancanci a yi shi. Idan ka fara da "yaushe ake so?", ka riga ka amince za ka yi, saura jayayya kan lokaci.

Ga yadda buƙatun manajarmu suka rabu. Gida na ɗaya ya sami biyu: odar wani babban kwastoma da aka haɗa ba daidai ba, kuma motar za ta tashi ƙarfe huɗu na yau, awa 2, sai rahoton wata da darakta zai shiga taro da shi ranar Laraba, awa 4. Jimla awa 6.

Gida na biyu ya sami huɗu, kuma babu wanda ya zo neman ko ɗaya daga cikinsu da safen nan. Kwangilar kamfanin sufuri za ta ƙare nan da mako shida, shirin tattaunawar sabunta ta awa 4. Koya wa mataimakinta tsara jadawalin aiki, awa 3. Binciko dalilin da ya sa kuskuren adireshi yake ta maimaituwa, awa 3. Zama da wani ma'aikaci da aikinsa ya ja baya, awa 1. Jimla awa 11.

Gida na uku: sashen talla suna son alƙaluman watanni shida "kafin a tashi yau", awa 2, takardun hutu da musayar ranakun aiki da ke jiran sa hannu, awa 2, taron kwamitin sake tsara kujerun ofis gobe, awa 2, fom ɗin jin ra'ayi daga sashen kula da ma'aikata, awa 1. Jimla awa 7. Gida na huɗu: wani mai tallan manhaja da ke son ya zo ya nuna kayansa, awa 2, da wani rahoton mako-mako da ta gada daga wanda ta canza, awa 2.

Buƙata ɗaya ta rage ba ta shiga ko'ina ba: darakta ya turo saƙo mai layi biyu yana son kwatancen farashin kamfanonin sufuri uku, aikin awa 3, bai faɗi yaushe ba. Za mu dawo kanta.

Ka lura da wani abu. Odar da ta lalace a gida na ɗaya 'yar kuskuren adireshin nan ce da ke zaune a gida na biyu. Haka abin yake kusan kullum: gobarar yau, aikin gida na biyu ne da aka ɗage makonni da suka wuce. Kwangilar sufurin ma, idan aka bar ta, nan da mako biyar za ta tsallako gida na ɗaya, a lokacin da babu sauran damar neman wani kamfani a kwatanta, sai a sa hannu kan duk farashin da aka kawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na huɗu: gida na biyu ake fara sa wa lokaci

Gida na ɗaya ba ya buƙatar shawara, yi kawai. Manajarmu ta gyara odar kafin tsakar rana, ta ware safiyar Talata don rahoton.

Gida na biyu ne marar mai kare shi, don haka shi ake fara rubutawa a kalanda, kafin wasu su cike guraben. A rubuta shi kamar taro, da rana da lokacin farawa da na gamawa, da sunan aikin. Gurbi na minti 90 zuwa awa 2 ya fi dacewa. Ƙasa da haka, kafin hankali ya nutsu lokacin ya ƙare. Ta sa binciken adireshi Laraba da Alhamis da safe, awa ɗaya da rabi kowace rana. Kwangila ta raba ta biyu, Talata da rana da Juma'a da safe. Horar da mataimaki ta haɗa shi da aikin gaske: za su tsara jadawalin mako mai zuwa tare, shi yana yi tana kallo.

A cikin gurbin, a rufe imel, a ajiye waya, kuma a faɗa wa ma'aikata abin da ya isa a ƙwanƙwasa ƙofa dominsa. Ita ta ce musu abu biyu ne: haɗari ga mutum, ko mota za ta tashi babu kaya. Sauran su jira ƙarfe sha ɗaya da rabi ko ƙarfe uku, lokutan da ta ware don amsa tambayoyi. Rufe ƙofa ba tare da buɗe wata ba ba ya aiki, domin mutane za su koma tare ka a hanya.

Mataki na biyar: gida na uku, inda ake jin nauyin baki

Ana yawan cewa gida na uku a miƙa wa wani. Gaskiya ne, amma miƙawa hanya ɗaya ce cikin huɗu, kuma ba kullum ce ta fi ba. Manajan da ke juye duk abin da ba ya so a kan ma'aikatansa, nauyin kawai ya sauya wa wuri, su ma sai nasu gida na biyun ya mutu.

Hanya ta farko ita ce rage girman aikin. Sashen talla sun ce alƙaluman watanni shida. Ta kira ta tambaya: "Me za ku yi da su, kuma wane adadi ne kuke buƙata a zahiri?" Ashe jimla ɗaya suke so don shafi guda a cikin bayaninsu, kuma tana cikin rahoton watan jiya. Aikin awa 2 ya koma minti goma. Wannan tambayar ita kaɗai tana narkar da buƙatu da yawa, domin mai nema yakan faɗi fiye da abin da yake so don kada ya dawo sau biyu.

Ta biyu ita ce miƙawa, amma da ƙa'ida. Takardun hutu ta ba mataimakinta, ta kuma faɗa masa abu huɗu: sakamakon da take so, wa'adi, iyakar ikonsa, da lokacin da za ta duba. "Daga yau kai za ka amince da hutun da bai wuce kwana biyu ba, muddin mutum biyar za su kasance a bakin aiki. Wanda ya wuce haka ka kawo mini. Ranar Alhamis za mu duba waɗanda ka sa wa hannu." Idan aka bar iyakar ikon ba a faɗa ba, takardun za su dawo teburinka ɗaya bayan ɗaya da tambayar "wannan fa?", ka ga ba ka miƙa komai ba, ka ƙara wa kanka mai katse ka ne. Kuma ka sani, miƙawa ta farko tana iya cin lokaci kusan kamar ka yi da kanka. Ribar tana zuwa ne a karo na uku da na huɗu, shi ya sa aikin da ke maimaituwa ya fi cancanta a miƙa fiye da na sau ɗaya.

Ta uku ita ce sauya wa'adi: fom ɗin jin ra'ayi ta cike shi a gurguje ranar Juma'a da yamma, lokacin da ƙarfinta ya riga ya ragu. Ta huɗu ita ce ƙi cikin ladabi. Ga kwamitin kujeru ta rubuta: "Ba zan samu halarta ba. Buƙatar sashenmu ɗaya ce, teburin masu haɗa oda ya kasance kusa da ƙofar sito. Ku turo mini abin da aka yanke." Ba ta kawo dogon uzuri ba, kuma da gangan ne. Dogon uzuri gayyatar ciniki ne. Ka ce kana da taro, a ce to za a matsar da lokacin dominka.

Gida na uku gaba ɗaya, daga awa 7, ya ci mata kimanin awa ɗaya.

Gida na huɗu ba ya buƙatar dogon bayani. Mai tallan manhaja ta ce masa ba a wannan zangon ba. Rahoton da ta gada kuwa, ta aika wa masu karɓarsa cewa za ta dakatar da shi, duk mai amfani da shi ya yi magana kafin Juma'a. Kada ka kashe irin wannan a ɓoye, domin wani lokaci akwai mai binciken kuɗi ko wata ƙa'ida da ta dogara da shi ba ka sani ba.

Idan buƙatar daga sama ta zo

Mu koma ga saƙon darakta. A nan ne mutane da yawa ke yar da takardar, suna ganin duk abin da shugaba ya nema gida na ɗaya ne. Sau da yawa shi kansa shugaban bai ɗauke shi haka ba. Abin ya faɗo masa a rai ne ya tura kafin ya manta. Ba ka da ikon jefa buƙatarsa gida na huɗu kai kaɗai, amma kana da ikon nuna masa farashinta. Manajarmu ta amsa: "Yallaɓai, na gani. Zai ci kamar awa uku. Yanzu ina kan rahoton da za ka shiga taro da shi Laraba. Idan kwatancen ya fi gaggawa zan fara da shi, rahoton ya iso Laraba da safe maimakon Talata. In ba haka ba, zan kawo kwatancen Talatar mako mai zuwa. Wanne ka fi so?" Ya amsa cewa taron da yake son kwatancen dominsa sai nan da mako biyu.

Ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Ta faɗi awannin, ta faɗi abin da zai matsa, ta ba da zaɓi biyu, ta bar hukunci a hannun mai hukunci. Akwai shugaban da zai ce duka yake so, yanzu. Idan hakan ya faru sau ɗaya, ka yi haƙuri ka yi. Idan ya zama ɗabi'a, ka kai masa takardar lissafinka, awa 20 a gefe ɗaya, awa 31 a ɗaya gefen, ku zaɓa tare. Takarda mai gida huɗu ba ta iya maganin aikin mutum biyu da aka ɗora wa mutum ɗaya. Iyakarta ta nuna shi a fili.

Lissafin makon ya tsaya haka: awa 6 a gida na ɗaya, 11 a na biyu, 1 a na uku. Awa 18 ke nan cikin 20, saura 2 a ajiye.

Ranar da shirin ya karye

Ranar Laraba da safe na'urar buga takardun kaya ta tsaya, aka yi awa uku ana rubuta su da hannu, ita ma tana ciki. Gurbin binciken adireshi ya tafi, rarar awa 2 ɗin ma ta tafi. Abin da ta yi shi ne, kafin ta ci gaba da komai, ta ja gurbin a kalanda zuwa Alhamis da rana, ta kuma ɗage rabin aikin kwangila na Juma'a zuwa Litinin, tunda shi yana da sauran makonni. Ƙa'idar ita ce, gurbin gida na biyu ana matsar da shi, ba a goge shi. Amma idan aiki ɗaya ya matsa sau uku, ka tsaya ka bincika. Ko dai ya yi girma sai an gutsura shi, ko kana gudunsa ne, kamar yadda ake gudun zama da ma'aikacin da za a faɗa wa magana marar daɗi, ko kuma ba shi da muhimmancin da ka ba shi.

Sabuwar buƙata da ta shigo tsakiyar mako ba ta buƙatar sake zana komai. Idan ba za ta wuce minti biyu ba, gama ta nan take. In ta wuce, ka ce "zan ba ka amsa ƙarfe uku", ka rubuta ta, ka yi mata tambayoyi biyun idan lokacin ya yi. Wannan ɗan jinkirin yana raba ka da amsa "to" a tsaye, wadda ita ce tushen yawancin awa 31 ɗin.

Ranar Juma'a ka ware minti 20 ka duba makon da ya wuce, ka ƙirga awannin da kowane gida ya ci a zahiri. Idan fiye da rabin buƙatunka suna faɗawa gida na ɗaya, ma'auninka ya yi sako-sako, ka koma ga abubuwa ukun da ka rubuta a sama da iyakar awa 48. Idan gida na huɗu kullum fayau yake, ba ka jefa komai ba ne, kana ɓoye su a na uku. Idan aikin da ka miƙa yana dawowa, duba ko ka faɗi iyakar iko. Sannan ka ɗauki kowace gobara ta makon ka tambayi wane aiki ne da an yi shi da ba ta tashi ba, ka rubuta shi a gida na biyu na mako mai zuwa. Manajarmu ta rubuta biyu: a sa wa na'urar buga takardu ranar dubawa kowane wata, a kuma gyara fom ɗin karɓar oda, domin bincikenta na Alhamis ya nuna mata cewa gurbin lambar gida ba dole ba ne a fom ɗin, masu karɓar oda suna tsallake shi idan layi ya yi tsawo.